Yadda za ka wargaza dogon lis na magunguna ka mayar da shi jadawali gida-gida, misali da magungunan hawan jini

Duk wanda ya yi famakoloji, ko a makarantar nas ne ko famasi ko likitanci, ya san irin handawut ɗin nan da ake miƙo maka, sunayen magunguna sun jeru daga A har ƙasa, kowanne da ɗan bayaninsa a gefe, amiloride yana sama verapamil yana can ƙasa, kuma babu abin da ya haɗa na farko da na biyu sai harafin da suka fara da shi. Ni ma haka na fara karantawa, ɗaya bayan ɗaya kamar ana bitar hadda, kuma wallahi ranar jarrabawa abin da ya faru shi ne na tuna akwai maganin da ke sa tari busasshe amma na rasa ko lisinopril ne ko losartan, tunda duka da L suka fara kuma maƙwabta ne a takardar. Toh a nan zan nuna yadda nake rushe irin wannan lis ɗin in sake gina shi, kuma zan tsaya a kan magungunan hawan jini kawai don su ne kowa ke haɗuwa da su a wod da kilinik.

Ga lis ɗin da za mu yi aiki da shi, guda 22, yadda aka saba kawo shi: amiloride, amlodipine, atenolol, bisoprolol, captopril, carvedilol, diltiazem, doxazosin, enalapril, furosemide, hydralazine, hydrochlorothiazide, indapamide, labetalol, lisinopril, losartan, methyldopa, nifedipine, propranolol, spironolactone, valsartan, verapamil. Sunayen na bar su yadda suke a jikin kwali saboda haka za ka rubuta su, kuma wutsiyar sunan tana da amfani sosai kamar yadda za ka gani.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara. Magunguna 'yan gida-gida ne, akwai halin gida wanda kowa a gidan ya gada, akwai kuma halin mutum shi kaɗai. Halin gida sau ɗaya ake rubuta shi a saman jadawali, layin kowane magani kuma ba ya ɗaukar komai sai abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa. Yawancin jadawalin da nake gani a hannun ɗalibai sun kasa a nan, mutum ya zana akwatuna masu kyau amma ya kwafe "tari, hawan fotasiyam, ba a ba mai ciki" sau uku a layi uku, wato dai tsohon lis ɗin ne aka sa masa katanga.

Mataki na farko, tsaftace lis ɗin

Kafin ka raba komai ka tabbata kowane suna na asali ne ba na kamfani ba. A kemis da wod za ka ji ana cewa Lasix, Aldomet, Moduretic, kuma wani lokacin haka suke shiga nots ɗinka. Lasix furosemide ne, Aldomet methyldopa ne, idan ka bar su za ka ƙirga magani ɗaya sau biyu. Moduretic kuwa ba magani ɗaya ba ne, biyu ne a ƙwaya ɗaya, amiloride da hydrochlorothiazide, don haka ba shi da layi a jadawalin gida, sai dai ka ajiye shi gefe a wata ƴar takarda ta haɗe-haɗe, za mu dawo kansa.

Idan a Excel ko Google Sheets kake yi, kolom A sunan magani, ɗaya a kowane layi, duka da ƙananan haruffa. Idan a takarda ne ka yanka ƙananan kati 22 ka rubuta suna ɗaya a kowanne, gaskiya wannan ma ya fi shiga kai tunda hannunka ne zai rinƙa tura su gida-gida a kan tabarma.

Mataki na biyu, raba su da wutsiyar suna

Sunayen nan ba da ka ake raɗa su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin sunayen asali na magunguna tun 1953, kuma a tsarin 'yan gida ɗaya sukan raba guntun suna ɗaya. Wannan ya rage maka fiye da rabin aikin. A kolom B ka sa wannan ka ja shi har ƙasa:

```
=RIGHT(A2,4)
```

Zai ciro maka haruffa huɗu na ƙarshe, sai ka jera jadawalin bisa kolom B. Nan take za ka ga pril sun taru su uku, captopril da enalapril da lisinopril, waɗannan su ne masu toshe enzayim ɗin ACE. Masu rtan biyu, losartan da valsartan, su kuma risefta ɗin anjiyotensin suke toshewa. Masu pine biyu, amlodipine da nifedipine, masu toshe hanyar kalsiyam. Masu olol uku, atenolol da bisoprolol da propranolol, masu toshe risefta ɗin beta, sai labetalol da carvedilol da za su fito dabam saboda nasu alol ne da ilol, kuma wannan bambancin harafin ba kuskure ba ne, alama ce cewa su biyun bayan beta suna toshe alfa ma. Hydrochlorothiazide ya faɗi gidansa da bakinsa, wato tayazayid masu sa fitsari, doxazosin kuma azosin ɗinsa na nufin mai toshe alfa 1. Idan ka ƙirga, 14 sun samu gida ba ka buɗe littafi ba.

Sai dai a yi hattara, wutsiya tana yaudara idan ka yanke ta gajera. Ainihin alamar gidan amlodipine ita ce dipine ba pine ba, domin a babban lis na dukan kwas za ka tarar da carbamazepine na farfaɗiya da nevirapine na cutar ƙanjamau duk sun ƙare da pine kuma babu ruwansu da hawan jini. Haka salbutamol na asma ya ƙare da ol, wani ya taɓa jefa shi cikin gidan atenolol alhali aikinsa kishiya ne, shi kunna beta 2 yake yi su kuma toshewa suke. Saboda haka fomular tana ba ka zato ne kawai, kai ne za ka tabbatar.

Saura takwas da wutsiya ba ta taimaka ba: amiloride, diltiazem, furosemide, hydralazine, indapamide, methyldopa, spironolactone, verapamil. Su dole ka duba littafi ɗaya bayan ɗaya, kuma tambayar da za ka yi wa kowanne guda ce, a ina yake aiki a jiki kuma me yake toshewa ko kunnawa. Diltiazem da verapamil za su tafi gidan kalsiyam. Amiloride, furosemide, indapamide da spironolactone duk a ƙoda suke aiki, masu sa fitsari ne. Hydralazine da methyldopa kowa shi kaɗai ne a gidansa. Idan kana shakka akwai lambobin ATC na rarraba magunguna gida-gida da za ka iya duba su a intanet, C03 masu sa fitsari, C07 masu toshe beta, C08 na kalsiyam, C09 na tsarin renin da anjiyotensin, C02 kuma tarkacen sauran. Lisinopril misali C09AA03 ne, amlodipine C08CA01. Ba sai ka haddace su ba, alƙali ne kawai idan kai da abokin karatunka kuka yi gardama.

A kolom C ka rubuta sunan gidan kowanne, sannan ka ƙirga don kar wani ya ɓata a hanya:

```
=COUNTIF(C:C,"ACE")
```

Ka rinƙa canza ACE da sunan kowane gida, ya kamata ka samu ACE 3, sartan 2, kalsiyam 4, beta 5, fitsari 5, sauran 3. Jimla 22. Idan bai kai ba to ko dai ka rubuta sunan gida iri biyu, ko akwai sifes a ƙarshen wata kalma, wannan ya sha ba ni wahala.

Mataki na uku, yanke shawara da me kake rabawa

Nan mutane ke rikicewa kuma ba su ma san sun rikice ba. Ana iya raba magani ta cutar da yake yi wa aiki, ana iya raba shi ta yadda yake aiki, kuma idan ka gauraya biyun jadawalin zai lalace. Duba propranolol, ana ba da shi a hawan jini, a rigakafin ciwon kai na ɓari ɗaya, a karkarwar hannu, a rage bugun zuciya ga mai yawan aikin tayiroid. Idan ta cuta ka raba zai fito a jadawali huɗu kuma a kowanne ka sake kwafe illolinsa. Idan ta yadda yake aiki ka raba gida ɗaya yake da shi, amfanonin nan huɗu kuma su zauna a akwati ɗaya. Ni shawarata kullum gida ya zama na yadda yake aiki, cuta kuma ta zama kolom.

Kolom ɗin da nake amfani da su ba su da yawa, yadda yake aiki, amfani, illoli, wanda ba a ba, sai na ƙarshe abin da ya fita dabam. Dos ba na sa shi a wannan jadawalin, yana cika wuri kuma yana canzawa da cuta da shekaru da lafiyar ƙoda, a bar shi a littafin dos inda ake dubawa lokacin aiki. Wannan takardar ta karatu ce, ba da ita ake rubuta wa majinyaci magani ba.

Mataki na huɗu, cika gida ɗaya har ƙarshe, mu ɗauki gidan pril

Wannan shi ne zuciyar aikin don haka zan daɗe a kansa. Ka fara da akwatin yadda yake aiki, ka rubuta shi da jimla ɗaya ko biyu da kalmominka, kuma kar ka taɓa akwatin illoli sai ka gama wannan. Enzayim ɗin ACE aiki biyu yake yi, yana mayar da anjiyotensin na ɗaya zuwa na biyu, kuma yana rusa wani sinadari da ake kira biradikinin. Anjiyotensin na biyu shi ne ke matse jijiyoyin jini, shi ne kuma ke sa a saki aldosteron, aldosteron kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da fotasiyam. Shikenan, labarin gidan duka yana cikin waɗannan jimlolin.

Yanzu ka rufe littafin ka tambayi kanka, idan na toshe wannan enzayim ɗin me zai biyo baya. Anjiyotensin na biyu ya ragu, jijiyoyi sun saki, jini ya sauka, amfanin kenan, kuma idan ya sauka da yawa musamman a ƙwayar farko ga wanda dama yake shan mai sa fitsari, jiri kenan, illa ta farko. Aldosteron ya ragu, ƙoda ta daina zubar da fotasiyam yadda ta saba, sai ya taru a jini, illa ta biyu. Biradikinin ba mai rusa shi, ya taru, shi ne ke kawo tarin nan busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro, shi ne kuma ke kawo kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro wanda ba ya yawan faruwa amma idan ya zo yana iya toshe numfashi, kuma ya fi samun baƙar fata. Ka ga illa uku zuwa huɗu sun fito da kansu ba ka haddace ko ɗaya ba.

Saura ƙoda. A cikin matatar ƙoda anjiyotensin na biyu yana matse jijiyar da jini ke fita ta cikinta, wannan matsin ne ke riƙe ƙarfin tacewa. Ka cire shi matsin cikin matatar ya ragu. Ga mai ciwon suga da furotin ke zuba a fitsarinsa wannan alheri ne, yana kare ƙodar, sai ka rubuta shi a amfani. Ga wanda jijiyoyin da ke kai jini ƙodojinsa biyu suka tsuke kuwa, da wannan matsin kaɗai ƙodar ke rayuwa, ka cire shi ta tsaya, sai ka rubuta shi a wanda ba a ba. Abu ɗaya ne ya haifi akwati biyu, shi ya sa ake gwada kiriyatinin da fotasiyam bayan an fara maganin. Abin da ya rage sai ka ƙara daga littafi, babba a ciki shi ne ba a ba mai ciki saboda yana lalata ƙodar ɗan tayi.

Ni a takardata duk illar da na iya cirowa daga yadda maganin ke aiki da baƙin biro nake rubuta ta, wadda kuma ba ta fitowa daga nan sai dai hadda da jan biro. Idan ka gama za ka ga jan bai da yawa, kuma shi kaɗai ne ainihin nauyin da ke kanka.

Ga yadda gidan zai kasance:

| Gidan pril | |
|---|---|
| Yadda yake aiki | toshe ACE, anjiyotensin na biyu da aldosteron su ragu, biradikinin ya taru |
| Amfani | hawan jini, gazawar zuciya, bayan toshewar jijiyar zuciya, kare ƙodar mai suga |
| Illoli | tari busasshe, kumburin leɓe da harshe, hawan fotasiyam, jiri a ƙwayar farko, hawan kiriyatinin |
| Ba a ba | mai ciki, mai tsukewar jijiyar ƙoda biyu, wanda ya taɓa kumburin |
| captopril | gajeren aiki, sau 2 ko 3 a rana, yana canza ɗanɗano, ƙuraje |
| enalapril | sai hanta ta mayar da shi enalaprilat kafin ya yi aiki |
| lisinopril | sau ɗaya a rana, ba ya buƙatar hanta ta kunna shi |

Dubi layukan ƙasa guda uku, ko wanne bai wuce ƴan kalmomi ba. Captopril ɗin nan ma shi ne babban wan gidan, ya shiga kasuwa a 1981 kuma asalin binciken daga dafin wani maciji na Brazil ya taso, wannan ba ya shiga jadawali amma yana taimaka min tuna cewa shi ne tsoho mai gajeren zango.

Gidan sartan kuma kar ka sake shi daga farko, ka ajiye shi kusa da na pril ka rubuta bambanci kawai. Su ba enzayim ɗin suke taɓawa ba, risefta AT1 suke toshewa, wato anjiyotensin ɗin yana nan amma ƙofa a rufe. Tunda ACE yana nan yana aikinsa biradikinin ba ya taruwa, don haka tarin ba kasafai ba, shi ya sa wanda lisinopril ya hana shi barci da tari ake mayar da shi losartan. Amma fotasiyam da ƙoda da haramcin mai ciki duk suna nan daram. Ba a kuma haɗa gidajen biyu wa mutum ɗaya don illar ƙoda da fotasiyam ninkuwa take. A layin losartan ka sa yana rage yurik asid, shi ne halinsa na kansa.

Mataki na biyar, gane gidan da ke buƙatar a raba shi ɗaki-ɗaki

Ga yadda za ka gane. Idan kana cika akwatin illoli na gida sai ka ga kana ta rubuta "banda wane", ko kuma abin da ka rubuta gaskiya ne ga rabi ƙarya ne ga rabi, to gidan ya yi girma, raba shi.

Masu sa fitsari su ne babban misali. Idan ka yi musu jadawali ɗaya me za ka rubuta a fotasiyam? Hydrochlorothiazide da indapamide da furosemide suna zubar da shi, spironolactone da amiloride suna riƙe shi. Kalsiyam fa, furosemide yana zubarwa, su tayazayid suna riƙewa. Babu amsa ɗaya, don haka ɗaki uku ne, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka bi bututun ƙoda daga sama zuwa ƙasa. Furosemide yana aiki a lanƙwasar Henle inda ake tsotse gishiri mai yawa, shi ya sa ya fi kowa ƙarfi, aikinsa ya fi a kumburi da ruwa a huhu, kuma jan bironsa shi ne yana iya taɓa ji idan dos ya yi yawa ko aka tura shi ta jijiya da sauri. Tayazayid suna gaba da shi kaɗan, ƙarfinsu matsakaici, su ne na hawan jini na yau da kullum, suna rage sodiyam da fotasiyam suna ɗaga yurik asid da suga. Indapamide ba shi da wutsiyar amma a ɗakinsu yake kwana. Na ƙarshen bututu su ne masu riƙe fotasiyam, spironolactone yana toshe risefta ɗin aldosteron, amiloride kuma hanyar sodiyam yake toshewa kai tsaye, kuma spironolactone ne ke sa nonon namiji ya kumbura saboda yana taɓa homon na jinsi.

Yanzu ka koma kan Moduretic ɗin da muka ajiye gefe, za ka ga dalilin haɗin da kanka, ɗaya yana zubar da fotasiyam ɗaya yana riƙewa. Za ka kuma ga haɗarin da ke cikin ba mutum lisinopril da spironolactone tare ba tare da ana gwada jini ba, kibiya biyu duk sama suke kallo. Fotasiyam na lafiya kusan 3.5 zuwa 5.0 ne, kuma ko ya hau ko ya sauka zuciya ce ke shan wahala. Shi ya sa nake ƙara ƙaramin kolom na fotasiyam kaɗai a duk gidajen nan, kibiya sama ko ƙasa, ba rubutu.

Gidan kalsiyam ɗaki biyu ne. Amlodipine da nifedipine jijiyoyin jini suka fi taɓawa, suna buɗe su, daga nan ciwon kai da jin zafi a fuska da kumburin idon sawu ke fitowa, zuciya ma takan ƙara sauri don ta rama. Kumburin ƙafar nan ba tarin ruwa ba ne irin na gazawar zuciya, buɗewar ƙananan jijiyoyi ne, shi ya sa furosemide ba ya wani magance shi, wannan ka rubuta shi don ana yawan tambaya. Verapamil da diltiazem kuwa zuciyar suke taɓawa, suna rage gudunta da ƙarfin matsawarta, don haka ba a son haɗa su da masu toshe beta, kuma ba a ba mai gazawar zuciya irin wadda ƙarfin bugu ya ragu. Verapamil yana sa taurin bayan gida. Kumburin dasashi kuma jan biro ne na gidan gaba ɗaya. Idan da ka bar su ɗaki ɗaya da ka rubuta "yana ƙara bugun zuciya" da "yana rage bugun zuciya" a akwati guda.

A akwatin amfani na amlodipine akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Baƙar fata galibi sun fi amsa masu toshe kalsiyam da tayazayid fiye da pril shi kaɗai, kuma binciken CREOLE da aka yi a ƙasashen Afirka shida har da Najeriya, wanda ya fito a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jini fiye da haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Layi ɗaya ya ishe shi a jadawali.

Masu toshe beta ɗaki uku amma ba sa buƙatar dogon bayani idan ka riƙe cewa beta 1 a zuciya yake beta 2 a huhu. Propranolol yana toshe duka biyun, shi ya sa yake tayar da asma. Atenolol da bisoprolol sun fi karkata ga beta 1, sun fi sauƙi ga huhu amma ba a ce babu haɗari ba, idan dos ya hau zaɓin yana raguwa. Labetalol da carvedilol sun ƙara da alfa, labetalol ana amfani da shi ga mai ciki, carvedilol da bisoprolol kuma a gazawar zuciya. Halin gida na kowa da kowa, bugun zuciya ya ragu, kasala, sanyin hannu da ƙafa, suna ɓoye alamun faɗuwar suga ga mai allurar insulin banda gumi, kuma ba a tsayar da su rana ɗaya sai a hankali.

Ukun da suka rage kar ka tilasta musu gida. Ka yi musu jadawali ɗaya amma ba shi da layin halin gida, kowa cikakken layinsa. Methyldopa a ƙwaƙwalwa yake aiki, na masu ciki ne, yana sa barci da damuwa kuma yana iya taɓa hanta. Hydralazine yana buɗe jijiyoyi kai tsaye, zuciya ta ɗau sauri, idan an daɗe a kansa yana kawo ciwo mai kama da lufus. Doxazosin yana sa jiri idan an miƙe tsaye musamman a farko, kuma yana sauƙaƙa fitsari ga dattijo mai kumburin furostet.

Mataki na ƙarshe, gwada jadawalin

Jadawali yana iya yin kyau a ido kuma bai aiki, ga gwaji biyu da nake yi. Na farko ka ɗauko maganin da ba ya cikin lis ɗin, misali ramipril ko telmisartan ko felodipine, ka ga ko za ka iya faɗin yadda yake aiki da illolinsa uku da wanda ba a ba, daga layin gida kawai. Idan ka iya to halin gidan ya rubutu daidai. Idan sai ka leƙa layin lisinopril kafin ka amsa ramipril, to akwai halin gida da ya maƙale a layin mutum ɗaya, ɗauko shi ka mayar sama.

Na biyu ka karanta jadawalin a kwance maimakon a tsaye, wato ka fara daga majinyaci. Mace mai ciki wata shida jininta ya hau, bi kolom ɗin "ba a ba" gida-gida, pril da sartan sun fita, abin da ake amfani da shi methyldopa da labetalol da nifedipine. Mutum mai asma, propranolol ya fita. Dattijo mai gawut, ciwon gaɓoɓi na taruwar yurik asid, tayazayid za su tayar masa, losartan ya fi masa. Malami ya zo yana tari sati uku babu mura babu zazzaɓi kuma kwanan nan aka canza masa magani, duba wutsiyar sunan. Waɗannan amsoshin ka tara su a shafi ɗaya a bayan jadawalin, mai ciki, mai asma, mai suga, mai ciwon ƙoda, kowanne da abin da ake ba da abin da ake gudu, domin tambayar jarrabawa da ta wod duk daga wannan ɓangaren suke zuwa.

Idan wani akwati ya wuce layi uku ka rage shi, yawanci abin da ke cika shi su tashin zuciya da ciwon kai da jiri ne waɗanda kusan kowane magani a duniya an rubuta masa, ba sa bambanta komai, cire su sai inda suka fito daga yadda maganin ke aiki kamar ciwon kan nifedipine. Nawa na wannan lis ɗin ya tsaya a shafi biyu na fulskaf, gida shida, kuma da na zo kan magungunan kashe ƙwayoyin cuta haka na bi, sai dai can kolom ɗin fotasiyam ya koma na irin ƙwayar cutar da kowane gida ke kamawa.